Murya ta Biyu

Tun hantsi Mai Kunne ke kallon yadda ake kashe mutum ɗaya, yana mayar da hoton baya ana sake kashe shi.

Aikinsa ke nan. Shi da ƙanwarsa Auta suna da ɗan ofis a saman bene, tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya. A kawo bidiyo, Auta ta saurara ta buga duk abin da aka faɗa, shi kuma ya bi bayanta da kunne, layi bayan layi, kafin ya sa hannu. Yawanci wa'azi ne, ko taron ƙungiya, ko hirar 'yan bincike. Wannan karon lauya ne ya kawo, kuma wuyan mutum ke ciki.

A tashar mota aka ɗauki hoton, da waya, hannu na rawa. An kama wani ana cewa ya saci batir. Da farko mari ne. Daga nan wani ya sauke masa katako a gadon baya, ya faɗi, ya yunƙura, aka tokare shi da ƙafa a baki, haƙori ya yi tsalle cikin ƙasa. Wani direba mai jar riga ya kutsa tsakiya, ya ba kyamara baya, hannunsa a sama. Sai aka kawo jarka. Abin da ya biyo baya Auta ba ta iya kallonsa, takan kife littafi a kan allon ta bar sauti kawai.

Direban yanzu yana tsare. Takardar masu ƙara ta ce shi ya ce a kawo mai. Matarsa kuwa kullum tana zaune a bencin Tela, goyo a baya, tana jiran abin da ofishin zai fitar.

Mai Kunne ya zare abin sauraro daga kansa.

"Auta, zo nan. Wannan wa ya faɗa?"

Ta leƙo ta karanta. "Direba: Don Allah ku tsaya, ku dakata. Shi ne muka gani, ku kawo mai." Ta ɗaga kafaɗa. "To, Yaya, ba haka aka ce ba?"

"A wane gari? Ke dai kin wanke maganar mutane, kin goge ta, har kin sa mata turare. Wannan Hausar mai karanta labarai ce. A tasha wa ke magana haka?"

"Ni fa ba na son rubuta shirme. Rabin Turanci, rabin ƙauyanci."

"Shirmen aka biya mu mu rubuta, Hajiyar tsafta. Zauna."

Ya ɗora mata abin sauraron, ya rage gudun sautin zuwa rabi, ya zaɓi ɗan guntun wurin ya sa shi ya riƙa maimaita kansa. Ya ce ta rufe ido, domin ido ke ruɗin kunne: ka ga mutum a gabanka, sai ka ɗora masa duk maganar da ka ji.

Ta saurara. Can ta ce a hankali, "Filis, filis, ku tsaya, wet."

"Sai me?"

"Shi na munka gani. Ku kawo mai."

"Mai cewa filis da wet, shi zai juya a numfashi ɗaya ya ce munka? Sake ji. Kafin direban ya rufe baki ɗayar ta hau kansa. Kuma ta fi kusa da wayar, ga kauri, kamar mai tsakuwa a maƙogwaro."

Auta ta buɗe ido, ta dafe ƙirji. "Inna lillahi. Yaya, da na rataye bawan Allah."

"Da mun rataye shi. Gyara."

Ta mayar da kowace kalma yadda ta fito daga bakin mai ita. Layin ya rabu biyu, kowanne da lokacinsa a gefe. Na farko: direba. Na biyu: murya ta biyu, namiji, ba a ganinsa, ta hau kan ta farko. Inda ihu ya rufe magana suka rubuta cewa ba a ji, ba su cike da zato ba.

Kuskurensu ɗaya, sun gaya wa akawun lauya ta waya, shi kuwa bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Bayan azahar Auta ta sauka sayo takardar bugawa. Mai Kunne ya mayar da abin sauraro yana bin guntun nan karo na ƙarshe, don haka bai ji takun matakala ba. Inuwa kawai ya gani ta faɗo a kan allo.

Su uku ne. Na gaba ɗan kamashon tasha ne, gajere mai faɗin ƙirji, da makullin taya a hannu. Biyun suka tsaya a bakin ƙofa.

"Kai na mai kunnen?"

Mai Kunne ya ture abin sauraron zuwa wuyansa. Kalma huɗu kawai ya ji, ya gane muryar. Tun hantsi yake da wannan tsakuwar a cikin kansa.

"Ni ne. Sannunku. Aiki kuka kawo?"

"An ce kun tsaga magana biyu. Maishe ta ɗaya, yadda take, ka sa hannu."

"Ranka ya daɗe, ba sunan kowa a ciki. Murya ta biyu kawai na rubuta. Rabin garin nan haka suke magana, har tsohuwata, Allah ya jiƙanta."

Marin ya sauka a kan kunnensa na hagu, da tafin hannu a buɗe. Wani abu ya fashe a ciki. Ɗakin ya karkata, ƙara ta cika masa kai kamar an kunna injin niƙa, ya ji ɗumi na gangarowa wuyansa.

"Ka ji yanzu? Ko in ƙara ma ɗayan?"

Ɗaya daga cikin na ƙofa ya yi dariya. "Oga, bar masa guda, da shi yake cin abinci."

Ɗan kamasho ya kama hannun Mai Kunne na hagu ya shimfiɗa a tebur. "Da dama kake rubutu, ko?" Ya sauke makullin taya a kan yatsun. Mai Kunne ya ji ƙarar kafin zafin, kamar an taka busasshen kara. Ya yi ihu irin wanda bai san yana da shi ba.

"Maishe ta ɗaya."

A ransa Mai Kunne ya riga ya yarda. Me ya haɗa shi da direba? Layi ɗaya ne, gogewa ɗaya. Ya buɗe baki zai ce to, sai dai numfashi ya ƙi zuwa, shi kuma ɗan kamasho ya ɗauka taurin kai ne. Ya cakumi wuyan rigarsa ya fizgo shi daga kujera ya maka shi da ƙasa.

Igiyar abin sauraron ta zare daga jikin kwamfuta.

Sautin ya koma babbar lasifikar da suke ji da ita in lauyoyi sun zo, kuma a ƙure take. Guntun nan yana nan yana maimaita kansa.

"Filis, filis, ku tsaya, wet. Shi na munka gani! Ku kawo mai!"

Ya sake. Ya kuma sakewa. Ya fita ta taga ya cika benen.

"Kashe shi!" in ji ɗan kamasho. "Ku kashe abin nan! Mi kuke jira?"

Muryar da ke ɗakin da muryar da ke lasifika suka haɗu a iska, ba ka iya cewa ga wadda ta riga. Biyun da ke ƙofa suka dubi juna. Ɗan kamasho ya kai wa allo duka, gilashi ya watse, amma allo ba shi ke magana ba. Ihun ya ci gaba.

Ihun Mai Kunne ya riga ya tara mutane. Tela na tsaye da almakashi, mai gyaran waya a bayansa, masu shaguna na ƙasa suna hawowa. Matar direba ta ratso su, goyonta na kuka. Ta dubi lasifika, ta dubi mutumin.

"Kai ne," ta ce. Sannan ta ƙwala, "Jama'a, shi ne! Ga muryarsa nan!"

Biyun suka ture Tela suka dira matakala. Ɗaya ya sha kujerar roba a ƙeya, bai ko waiwaya ba. Ɗan kamasho ya yi wuf zai bi su, mai gyaran waya ya tare shi da benci a ƙirji. Ya koma ciki da baya, ya yi tuntuɓe da Mai Kunne, makullin ya suɓuce. Wani ya jefo kwalba ta fashe masa a goshi. Jifan takalma ya fara shigowa. Daga can ƙasa, cikin taron da bai ma san me ake ciki ba, wata murya ta ce a kawo taya.

Da kunne ɗaya Mai Kunne ya ji ta, kuma ya san abin da ke biyo bayanta, ya kalle shi har ya haddace. Ya ja jiki da gwiwa, ya tura ƙofar ƙarfen da kafaɗa. Auta ce ta faɗo ciki a daidai lokacin, takardu na zuba daga hannunta, su biyu suka danna ta zura sakata.

Aka hau dukan ƙofa.

"Malam, buɗe!" in ji Tela. "Mutumin da ya karya ka kake ɓoyewa?"

"Gawa ba ta magana gaban alƙali!" Mai Kunne bai san da ƙarfi yake faɗa ko a hankali ba. "Mai goyo, kina ji na? In suka kashe shi, mijinki ya rasa mai fitar da shi. Ki tsaya a ƙofar nan!"

Dukan ya ragu kaɗan kaɗan. Suka ji muryarta, a dishe, tana cewa duk mai son shiga sai ya bi ta kanta da ɗanta.

Auta ta ɗauke makullin tayan ta tsaya a kan ɗan kamasho, wanda ke zaune a lungu jini ya rufe masa ido ɗaya. Da ɗayan hannun ta kira 'yan sanda, ta kira lauya. Sai a lokacin ta tuna ta kashe lasifikar.

Injin bugawa bai mutu ba, kuma aikin na cikin wayarta. Kafin motar 'yan sanda ta iso ta fitar da shafukan. Ta ɗaure wa yayanta yatsu da ɗankwalinta, ta ɗora masa takardar a cinya, ta nuna layin da biro.

"Yaya, yanzu ai mun san shi. In sa ɗan kamasho?"

"Kin ga bakinsa a hoton?"

"A'a. Amma..."

"To bar shi murya ta biyu. Abin da ya faru a ɗakin nan, in alƙali ya tambaye ni, da bakina zan faɗa, ga Tela ga rabin bene."

Ya sa hannu a ƙasan kowane shafi, jini ya ɗiga a gefen na ƙarshe. Auta ta ce za ta sake bugawa, ta faɗa har sau biyu bai amsa ba. Sai ta zagayo ta damansa, wajen kunnen da ya rage, ta maimaita.