Lambar da Malam Ya Soke

Malam ya iso bakin ƙofar makarantar tun da safe. Ya kusa shekara bai riƙe alli ba, tun da aka rufe makarantar da yake koyarwa, shi da matarsa da 'yarsu suka koma ɗakin baya a gidan yayansa. Yaya bai taɓa cewa komai ba, amma matar yaya ta iya ajiye kwano yadda mutum zai ji a jikinsa. Yau an kira shi darasin gwaji, wato ya koyar da aji guda a gaban shugabar makaranta, in ya yi mata a ɗauke shi.

"Mai kula da sashen lissafi ba shi da lafiya, ni kaɗai zan zauna," in ji Shugaba, tana tafe yana bin ta a baya. "Ni tarihi na karanta, amma na san malami idan na gan shi. Ka dai kula, ajin nan sun kori wanda ya riga ka da surutu."

Maganar ba ta kwantar masa da hankali ba ko kaɗan. Ajin babba ne, fanka ɗaya ke juyawa, ita ma da ƙyar. Shugaba ta ja kujera can baya ta harɗe hannuwa. Malam ya ɗauki alli, allin ya karye a harafin farko, wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

Ya rubuta f(x) = x/(x − 2), a ƙasansa g(x) = 6/(x − 1).

"Ku ɗauke su kamar inji biyu a jere," ya ce. "Lamba za ta fara shiga g, abin da ya fito shi za a zuba wa f. Muna neman f(g(x)), sannan mu nemo domen ɗinsa, wato lambobin da za su iya shiga ba tare da an raba wani abu da sifili ba."

Wannan darasi Malam ya san shi kamar tafin hannunsa. Shi da bakinsa ya sha gaya wa ɗalibai cewa kafin su taɓa komai su duba injin farko, su rubuta lambar da yake ƙi a gefen allo, su zagaye ta, domin da zarar an fara soke-soke ɓacewa take yi. Amma yau idonsa ba ya kan allo. Yana kan Shugaba, wadda ta duba agogon hannunta, ta yi hamma. Hammar nan ta kashe masa jiki. Ya ce a ransa ta gaji da shi, gara ya yi sauri ya nuna gwaninta.

Ya sa g a duk inda x yake a cikin f. Na sama ya zama 6/(x − 1). Na ƙasa ya zama 6/(x − 1) a cire biyu, ya haɗa shi ya koma (8 − 2x)/(x − 1). Ga x − 1 a gindin na sama, ga shi a gindin na ƙasa. Ya ja musu layi ƙyat ƙyat, ya rage 6/(8 − 2x), ya rage shi zuwa 3/(4 − x).

"Wace lamba ce za ta mai da ƙasa sifili?"

"Huɗu!" ajin ya amsa.

"Madalla. Kowace lamba tana shiga, ban da huɗu."

Ya rubuta, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Shugaba ta gyaɗa kai. A karo na farko tun safe ya ji numfashinsa ya sauka har ƙasa.

Sai wata yarinya a layi na biyu ta ɗaga hannu. Siririya ce, hannun rigarta duk tawada. Tun kafin ta buɗe baki aka fara gunaguni, wani daga baya ya ce, "To, Lauya ta tashi."

"Malam, ɗaya fa? Ni na rubuta ban da huɗu, ban da ɗaya. In aka sa ɗaya a g, shida ne bisa sifili. Injin farkon ma bai ba da komai ba, me za a zuba wa na biyun?"

Malam ya juya ya kalli allo. Ga x − 1 nan guda biyu a kwance ƙarƙashin layin da ya ja musu, kuma gaskiyar yarinyar a fili take. Huɗu na wucewa ta g lafiya, ya fito a biyu, f ne ke ƙin sa. Ɗaya kuwa ko ƙofar farko ba ya wucewa, soke shi da aka yi bai hana shi zama haram ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Gyaran bai fi kalma uku a allo ba. Amma ya hango Shugaba ta sauke hannuwanta ta miƙe zaune, ya hango samarin baya sun fara taɓa juna suna jiran a kayar da sabon malami kamar na da. Wa zai ɗauki malamin da ɗaliba ta gyara masa lissafi a ranar gwaji? Da wane ido zai shiga gidan Yaya da yamma?

Abin haushin shi ne Malam gwani ne, ya san daidai inda zai taka ya rufe bakin yarinya.

"Zo mu gani," ya ce. "Amsarmu uku bisa huɗu a cire x. Sa ɗaya. Huɗu a cire ɗaya?"

"Uku," ta ce.

"Uku bisa uku?"

"Ɗaya. Amma Malam, a g ɗin..."

"Ya fito ko bai fito ba?" Ajin ya jefa wa tambayar, ba ita ba.

"Ya fito!" suka ɗauka gaba ɗaya, har da buga tebur.

"To zauna. A ajina ana gama aiki kafin a yi gardama."

Aka bushe da dariya. "Lauya ta faɗi shari'a!" Yarinyar ta zauna a hankali, tana kallon allo, tana kallon takardarta. Malam bai sake duban layi na biyu ba har aka buga ƙararrawa. Duk lokacin da ƙofa ta motsa sai gabansa ya faɗi, yana zaton wani malamin lissafi ne zai leƙo ya karanta allon. Yana gamawa ya goge shi tas, har kusurwoyi.

A baranda Shugaba fuskarta a sake take.

"Ka ga yadda ka zaunar da yarinyar nan? Abin da nake nema ke nan. Tana da ƙoƙari, amma ta cika ja-in-ja. Ka fara mako mai zuwa, ajin nan naka ne."

"Na gode, ranki ya daɗe," ya ce. Ya jira daɗin ya zo, bai zo ba.

Shugaba ta yafito wani a bayansa. Da ya waiwaya, yarinyar ce, ta fito da jakarta a kafaɗa.

"Zo ki ba malaminki haƙuri."

Ta matso ta ɗan rusuna, idonta ya yi ja.

"Malam, ka yi haƙuri. Na goge nawa, na rubuta naka." Sannan ta ɗago. Babu rashin kunya a fuskarta, so take kawai ta sani. "Ke nan ko a jarrabawa, in an soke abu shi ke nan, ba sai na sake duba shi ba?"

Shugaba na tsaye a gefensa tana murmushi, tana jira. Malam ya gyaɗa kai.

"Haka ne," ya ce.

"To, na gode, Malam. Ba zan ƙara ba."