Wuta Kafin Ruwa

Wani dare Arvid Koskela ya ji ƙara a bango, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga cokali a kan ƙashi. Bututun ɗumama ɗaki ne, tururi ya yi karo da ruwan da ya kwanta. Ya tashi zaune, don ƙarar ta tuna masa katoɓarar da ya yi da rana.

Tun da aka rufe masana'antar takarda yake neman aiki a garinsu Duluth, har furfura ta gama cin gemunsa. A ranar ce aka kira shi intabiyu, ana neman mai kula da tukunyar tururi da ke ɗumama wata makarantar gwamnati. Shugabar kwamitin, Madam Thao, ta tambaye shi me zai yi in ruwa ya ɓace daga gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunyar. Shi kuwa hankalinsa na kan wani gizo-gizo da ke saƙa a taga. Ya ce, "In ƙara ruwa."

"Ruwan sanyi a busasshiyar tukunya mai zafi?" in ji matarsa Lorna da safe. "Tsoho, so kake ka tashi makarantar sama?"

"Na sani! Wuta ake fara kashewa."

"To rubuta musu yau, kafin su manta da sanƙonka."

Ya cika shafi a kwamfuta, har da labarin gizo-gizo da rantsuwa. Lorna ta ja kwamfutar gabanta.

"Wannan ai kuka ne, ba gyara ba. Wa zai karanta?"

Ta yi ta sharewa har saura wannan: "Madam Thao, na gode da ganawar jiya. Ina so in gyara amsata kan ƙarancin ruwa. Da farko zan kashe wuta, ba zan ƙara ruwa ba. Zan bar tukunyar ta huce, in sanar da shugabana, a duba ta kafin a sake kunnawa. Har yanzu ina son aikin."

Ya tura. Ya goge takalmansa na aiki, ya ajiye su bakin ƙofa. Da yamma yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida, ya ce wa maƙwabciyarsu Doreen maganar aiki ta kusa faɗawa.

Amsa ta zo ranar Litinin, da ladabinta. Madam Thao ta ce gyaran daidai ne. Sai dai kowane ɗan kwamiti ya ba da makinsa tun a ɗakin, kuma ƙa'ida ta hana a duba abin da ya zo daga baya, don kada a fifita wani. An ɗauki wani.

Lorna ba ta yi tsiya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Suna zaune, kofi ya huce, bututun na ta ƙwas, ƙwas. Doreen ta turo ƙofa da farantin kek, ta kusa tuntuɓe da takalman.

"A'a, har an goge! Arvid, yaushe za ka fara?"