Kashi Ɗaya Cikin Uku

Tana kan takarda ta sittin da ɗaya Malama ta gane cewa jan biron hannunta ne ke yin kuskure, ɗaliban ba su da laifi.

Shekararta biyu tana koyarwa a sashen lissafi, kuma a taron ranar Alhamis ne za a yanke ko a tabbatar da ita a aiki ko a ƙara mata shekara ta gwaji. Hankalinta a kwance yake, don Farfesa na nan. Shi ya koyar da ita tun ajin farko, shi ya duba kundin digirinta na biyu, shi ya kawo ta sashen. Ranar da ya miƙo mata takardar amsoshin jarrabawar da ya rubuta da hannunsa, ya ce ta sa hannu a gurbin mai dubawa don yana sauri, ko karantawa ba ta yi ba. Wa zai tsaya bin diddigin lissafin mutumin da ya koya masa lissafin?

Tambaya ta huɗu ce ta jawo komai. An ba da fili mai gefe huɗu da ya karkace, kowane gefe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na gabansa: x + y daga sifili zuwa uku, y − 2x shi ma daga sifili zuwa uku. Aka ce a tara x + y a kan filin da intigiral mai hawa biyu, wato hanyar tara abu a kan kowane ɗigo na fili. Dabarar sananniya ce. A kira x + y da u, a kira y − 2x da v, sai karkataccen filin ya miƙe ya zama murabba'i, uku a uku. Amma miƙewar tana canja girma, don haka sai an gyara. Ana jera yadda u da v ke canjawa idan x kaɗai ya motsa da idan y kaɗai ya motsa, ɗaya da ɗaya a sama, −2 da ɗaya a ƙasa, a fitar da ditaminan ɗinsu, lambar da ke nuna yawan canjin girman, uku. Wato murabba'in ya ninka filin asali sau uku, sai a raba da uku. Jimillar a kan murabba'in sha uku da rabi ce, in aka raba da uku, huɗu da rabi ke nan.

Farfesa kuwa ninkawa ya yi da uku, ya rubuta arba'in da rabi, har da ja masa layi biyu.

Mai takarda ta sittin da ɗaya ya zana filin a gefe da fensir, ya rubuta huɗu da rabi, Malama har ta ɗaga biro za ta soke. Sai zanen ya tsayar da ita. Filin gaba ɗaya bai fita daga akwati mai faɗi biyu da tsawo uku ba. Da ninkawar Farfesa girmansa zai zama tara sau uku, ashirin da bakwai, a cikin akwatin da bai wuce shida ba. Ta koma baya ta ƙirga, mutum sha tara ta zaftare wa maki a kan gaskiyarsu.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta jira abokan ofis suka fita cin abincin rana, ta haura sama ta sami Farfesa, ta rufe ƙofa da kanta don kada masu wucewa su ji. Ta zana masa akwatin a bayan wani ambulan, tana magana ƙasa-ƙasa kamar ita ce mai laifin. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya ya ce tsufa dai ba shi da kunya. Ya sa mata albarka. Da ta ce za ta sake makin tun daga farko, ya tuna mata da doka: ba a canja takardar amsoshi sai da yardar kwamiti.

"Ki ƙarasa yadda take, 'yata," in ji shi. "Ranar Alhamis ni zan tashi in ce na yi kuskure, ke kika gano. Ai abin alfaharina ne."

Ta sauko tana jin kamar ta yi kuka don ƙaunar dattijon nan. Kwana uku ta yi tana soke amsoshin da ta san daidai ne, takarda ɗari biyu da goma, kowace sokewa tana ci mata rai.

Ranar Alhamis ɗakin taro ya cika. Shugaban sashe na tsakiya, kusa da shi baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya binciki jarrabawar. Baƙon nan ba ya wasa, tun kafin a raba ruwa ya zaro takardu biyar ya ce yana da magana a kan tambaya ta huɗu. Farfesa ya ɗaga hannu ya ce ya riga shi. Malama ta sunkuyar da kai, tana shirin jin kunyar yabo.

Ya tashi ya je allo ya zana filin, ya kewaye shi da akwatin biyu a uku, ya yi bayani tiryan-tiryan yadda ta yi masa, har baƙon yana gyaɗa kai. Sannan ya ajiye alli ya kakkaɓe hannu. Ya ce shi dai hannunsa ya zame, kuma don irin haka ne doka ta ajiye mai dubawa. Ya ce jiya da yamma ya gano da kansa.

"Abin da ya dame ni," ya ce da murya mai taushi, "mai dubawar ta sa hannu ba ta gani ba, ta kuma yi makin takarda ɗari biyu da goma ba ta gani ba. Ɗalibata ce, ni na san zafin faɗin wannan."

Ta ɗago ta dube shi, shi kuwa allo yake kallo. Ta ce, "Malam, ai ranar Litinin na same ka a ofis." Shugaban sashe ya katse ta, ya tambaya ko sa hannun nata ne, ta ce nata ne. Ya tambaya ko akwai wanda ta sanar a rubuce, ko wanda ya ji. Babu, ita ta rufe ƙofar. Cikin minti biyar aka gama, ta sake makin cikin mako guda, maganar tabbatarwa kuma a ɗaga ta zuwa baɗi.

Shekarar da ta tafi ba ta ƙona mata rai kamar tausayin da ya sa a muryarsa ba. Mutumin da take durƙusa wa in za ta gaishe shi ya shafa mata kashin kaji a gaban jama'a, kuma har ana yaba masa adalci.

A bakin matakala ya cim mata, tana rungume da ɗaurin takardun. Ya rage murya ya ce ta fahimce shi, saura wata takwas ya yi ritaya, ba zai fita da wannan tabo a gaban baƙo ba, ita kuwa yarinya ce, tana da sauran lokaci. Ya ce kafin ya tafi zai rubuta mata wasiƙar shaida mai kyau, don ta san kwamitin baɗi ba zai dubi takardunta ba sai da wasiƙar wanda ya duba kundinta.

Ta sani. Maganganu sun cika mata baki, ta auna su da wasiƙar, ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Yana tsaye yana jira.

"Na gode, Malam," ta ce.