Kwaɗon Ƙofar Ruwa

Malam Zulkifli yana da darasi guda da yake ji da shi fiye da albashinsa, wanda dama ba abin ji da shi ba ne. Kowace shekara, a lakwal, wato makarantar da yake koyar da tarihi a Parakou, yakan zana kogin Nilu a allo, ya zana Dijla da Furat kusa da shi, sannan ya juyo ya tambayi yara dalilin da ya sa biranen farko suka tashi a bakin waɗannan ruwaye. Yara sukan ce don a sha ruwa. Shi kuma ya yi murmushin wanda ya yi jami'a a Cotonou.

Yakan bayyana musu cewa ƙasashen nan kusan ba a ruwan sama. Nilu ne ke cika kowace shekara, ya malala gonaki, ya bar baƙar laka mai albarka. Manoma suna tare ruwan da ganuwar ƙasa har ya jiƙa wurin, su sake shi, su yi shuka. Dijla da Furat kuwa ba su da wannan kirkin: cikarsu kan zo ne hatsi na dab da girbi, lokacin shuka kuma ruwan ya yi ƙasa. Dole a yi shingen tare ambaliya, a haƙa magudanai, a riƙa yashe su domin laka na toshe su. Amma ƙasar da aka shayar tana ba da abin da ya fi ƙarfin cikin mai nomanta, jirgin ruwa kuma na ɗaukar hatsi da sauƙin da jaki bai taɓa mafarki ba. Rarar nan ce ta ciyar da maƙeri da magini da mai tsaron rumbu. Birni kenan. A ƙarshe yakan ƙara da cewa Parakou da Djougou ba haka suka tashi ba, hanyar fataken goro ce ta haife su, don haka wannan labari na mutanen nesa ne.

Wata Laraba a tsakiyar rani, matarsa Ramatu ta dawo daga kasuwar Arzèkè ba albasa. Ta ce mai kawo musu ta Kolokondé ta gaya mata lambun Inno na bushewa, an hana shi ruwa. Inno ita ce mahaifiyar Zulkifli. Wanda ya hana ruwan kuma, in ji mai albasar, Sarkin Ruwa ne.

Zulkifli ya ce Kolokondé ba ta da wani sarkin ruwa. Ramatu ta ce tana da shi, kuma ƙaninsa ne, Habou.

Ya yi dariya har ya zauna. Habou fa, wanda ya sayar da nama a unguwar Ganou har naman ya ƙare da jarin. Wanda ya yi zemijan, wato acaba, har babur ɗin ya koma wurin mai shi. Gidansu gidan fatake ne, kuma a wurin fatake duk aikin da ba a cinikinsa aikin wanda ya rasa abin yi ne. Shekarun baya, da wata ƙungiyar taimako ta gina ɗan baraji a Kolokondé, wato madatsar da ke tare ruwan damina don noman rani, Inno ta samu fangaloli a can ƙarshen magudana, ta koma can da zama. Aka nemi wanda zai riƙa buɗe ƙofar ruwan yana rufewa. Kowa ya ce yana da abin yi. Zulkifli ne da bakinsa ya ce a ba Habou mabuɗin, ko ya samu dalilin tashi da safe.

Washegari ya hau mota zuwa Djougou, daga nan ya hau babur ya bi hanyar daji. Ko'ina busasshiyar ciyawa da kututturan dawa, da tulin doya da aka tone tun tuni. Sai ga kore shar a gindin barajin, kamar an shimfiɗa darduma a kan toka. Abin da ya fara tsayar masa da numfashi shi ne rumfunan. Zuwansa na ƙarshe wurin nan babu ko bukka. Yanzu ga mai gyaran famfo, ga mai shayi, ga masu tuyar awara, ga wani ɗan masallaci na bulo, ga kamiyo, babbar motar kaya, ana loda masa tumatir. A bayan su kuma wani dogon ɗaki mai ƙofar ƙarfe, da wani ƙato zaune a bakinsa da sanda.

Ya tarar da Inno zaune a kan kunya tana kallon albasarta. Ganyen ya kwanta, bakinsa ya yi rawaya, ƙasar fangalin ta tsage. Bayan gaisuwa ta gaya masa yadda abin yake, da muryar mai ba da labarin farashin gishiri. Magudanar takan cika da laka, in ba a yashe ba ruwa ba ya kaiwa ƙarshe. Habou ya kafa doka: kowane lambu ya ba da mutum guda ranar yasa. Ita ta tsufa, ba ta ba da kowa ba. Ya rufe reshenta.

Zulkifli ya tambaya ko ta tuna masa cewa ita ta haife shi. Ta ce ta tuna masa, ya durƙusa ya gaishe ta da kyau, ya aiko mata da kaza, reshen kuma yana nan a rufe.

Maƙwabcinta a lambu, wani dattijo mai suna Djibril, ya ƙarasa masa sauran. Shekarar farko, kafin Habou ya sa kwaɗo, na kusa da baraji sun sha ruwa har ya yi musu yawa, na ƙarshe suka tashi da ƙura, aka fasa kan mutum biyu da fartanya. Mutane da kansu suka roƙe shi ya raba ruwan bi da bi. Ya raba. Sai ya ce mai rabo ba ya samun lokacin noma, kowa ya ɗan ba shi wani abu daga amfaninsa. Aka ba shi. Abin ya taru, aka gina ɗakin ajiya. Ɗaki ya buƙaci mai gadi, mai gadi ya buƙaci ci. Da Fulani suka kawo shanu shan ruwa suka tattake bakin magudana, Habou ne ya yanke inda za su bi da abin da za su bayar. Yanzu har rigimar miji da mata wurinsa ake kaiwa, domin hukuncin wanda ke iya rufe maka ruwa yana shiga kunne da wuri.

Zulkifli ya waiwayi ɗakin ajiyar. Ya tambayi Djibril me ya hana su tashi su bar masa wurin.

Dattijon ya nuna masa farin dajin da ya kewaye su. Ya kira shi da laƙabin malaman lakwal, ya ce, "Mu je ina, Mushe? Da damina kowa sarkin gonarsa ne. Da rani ruwa nan kaɗai yake."

Wannan jimlar, kusan kalma da kalma, tana cikin darasinsa. Yakan ce manomin da ke dogara da ruwan sama, in shugaba ya matsa masa, sai ya ɗaure kayansa ya ƙara gaba. Manomin Masar kuwa hamada ce dama da hagunsa.

Ya sami Habou a inuwar mangwaro kusa da ƙofar ruwan, a kujerar roba da aka ɗora wa buzu. Ya yi ƙiba. Mabuɗin na rataye a wuyansa da igiyar fata. Mutanen da ke zaune a ƙasa duk sun tuɓe takalma, Zulkifli kuma ya lura, cikin firgici, cewa ƙafarsa ta dama ta fara zare nata da kanta. Ya mayar da ita.

"Yaya, sannu da hanya. A kawo wa Yaya ruwa."

"Ruwan Inno na zo nema, ba nawa ba."

Habou ya ce ya sani. Ya ce in ya buɗe wa uwarsa ba tare da yasa ba, gobe kowa zai tuna yana da uwa, jibi magudana ta toshe, albasar kowa ta mutu har da ta Inno. Zulkifli ya ce masa wannan zalunci ne, mutane ne suka haƙa rassan nan da hannunsu tun kafin ya san inda kwaɗo yake. Habou ya amsa cewa gaskiya ne, kuma ai Yaya ne ya gaya masa haka aka yi a can bakin Furat ma: ƙauyawa suka fara haƙa 'yan magudanansu, masu mulki daga baya suka zo suka zauna a bakin ruwan.

"Yaushe na gaya maka?"

"Ranar sunan 'yarka Saratou. Kana ta ba baƙi labarin garuruwa biyu da suka yi ta yaƙi shekara da shekaru a kan magudana guda, na sama yana toshe wa na ƙasa. Kowa ya gudu wurin tuwo. Ni na zauna."

Shekara nawa Zulkifli yana neman ɗalibi guda da zai saurari darasin nan har ƙarshe.

Ya yi barazanar kai ƙara Djougou. Habou ya ce ya kai, amma kafin takarda ta zagaya ofisoshi albasar ta zama tarihi, abin da Yaya ya fi sani. Sannan ya ce lambun Inno mutum guda ake binsa, kuma ga babban ɗanta Allah ya kawo.

Da safe aka ba Malam Zulkifli shebur. Ya naɗe wandon shaddarsa ya shiga magudana. Lakar baƙa ce, mai laushi da nauyi, irin wadda ya sha yabo a gaban allo, kuma bai taɓa sanin tana wari ba. Kafin hantsi bayansa ya riƙe, ya kasa miƙewa, sai da Djibril da wani suka fito da shi kamar buhu. Rabon Inno ko rabi bai kai ba.

Habou ya zo ya tsaya a kansa cikin tausayi. Ya ce akwai wani aikin da za a iya karɓa a madadin yasa. An yi wa bangon ƙofar ruwa sabon siminti, ana son rubutu a jiki, da Faransanci da Hausa, kuma duk wurin nan babu mai kyan hannu irin na Yaya. Zulkifli ya tambayi me za a rubuta. Habou ya ce abu kaɗan ne: cewa shi ne ya haƙa magudanar nan, ya kawo ruwa, ya ciyar da jama'a.

Zulkifli ya san irin wannan rubutun. Sarakunan bakin Furat sun bar shi a jikin tubali da dutse, kuma yakan gaya wa yara kada su yarda da shi. Ya dubi can ƙarshen lambu, inda Inno ke zaune a kan kunya. Ya ce a kawo fenti.

Yana kan harafi na ƙarshe ya ji ƙarar kwaɗo, sannan kukan ƙarfen ƙofar. Ruwan ya bi reshen a hankali yana tura busasshen ganye a gabansa, ya kai fangalin farko, ƙasar ta shanye, ya ƙaro. Inno ta tashi ta ɗauki fartanya tana buɗe masa hanya.

Habou ya ja da baya ya karanta bangon sau biyu, ya ce ya yi kyau, sai dai sunan ya ɗan yi ƙanƙanta. Zulkifli ya sake tsoma burushin.