Makon Kau da Kai

Sana'arsa koyar da tuƙi ce. Wuni yake yana cewa manyan mutane taka birki, saki kuloci, kuma su bi. Amma a gida ɗansa mai shekara bakwai, wanda ake kira Janar, ko takalmi aka ce ya sa sai an yi yaƙi. Da yaron ya jefi malamar ajinsu da kwalbar ruwa, makaranta ta ce ko a ga canji kafin ƙarshen zango, ko a nema masa wani wuri. Wannan kuwa ita ce makaranta ta biyu.

Haka shi da matarsa suka shiga ajin horar da iyaye a asibitin yara, sau ɗaya a mako. Abin da ya fara ba shi haushi shi ne ba a zuwa da yaron. Mai laifi yana gida, su ake gyarawa. Likitar halayyar yara ta bi da su daki-daki. Da farko wasa da yaro kullum na ɗan lokaci, ba umarni, ba tambaya, ba gyara. Sai yabo mai faɗin abin da aka yaba, sai umarni ɗaya tak, a kusa, da murya a kwance. Taurarin lada da kujerar da ake zaunar da yaro ya huce suna gaba. Wannan makon na kau da kai ne: ihu da birgima, muddin ba duka ko ɓarna, a yi kamar ba a gani ba, yaro yana yin shiru a juyo a yaba.

"Zai ƙaru kafin ya ragu," in ji likitar. "Wanda ya sare a tsakiya ya koya masa cewa dogon ihu ne ke biya. Kuma duk babban da ke gidan bakinku ya zama ɗaya."

A nan ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarsa tana zaune da su, kuma ya ce mata kwas ɗin wurin aiki yake zuwa. Da furfura a gemu, ina zai iya ce mata makarantar koyon zama uba ya shiga?

Ranar Asabar da rana matarsa tana wurin aiki. Ya durƙusa gaban Janar. "Lokacin waya ya ƙare. Ba ni."

"Ba zan bayar ba!"

Ya zare ta a hankali, ya sa a aljihu, ya shige kicin inda yake iya hango falo ta ƙofa. Ihu ya tashi. Ya buɗe famfo ya kama wanke farantin da yake a wanke. Kicin ɗin ko juyawa ba a yi sai an gogi firij.

"Na tsane ka! Mugu! Mai tumbi!"

Na ƙarshen dai gaskiya ne. Maƙwabci ya buga bango. Ƙafarsa ta dama tana ta danna tayil, tana neman birkin da babu. Ya juya baya ya ƙura wa famfo ido.

Can sai shiru. Ya goge hannu, ya shirya yabonsa a baki kamar mai bitar karatu: na ji daɗi da ka kwantar da muryarka. Ya fito.

Janar yana kwance a cinyar kakarsa, wayarta a hannunsa, yana shessheƙa yana latsawa.

"Kana tsaye kamar turke za a kashe mini miji da kuka," in ji Inna. "Kurma ka zama?"

Da matarsa ce da ya san abin faɗa. Ya tsaya tsakanin kujera da talabijin, ba gaba ba baya. Sannan ya tsuguna, gwiwa tana ƙara, ya gaya mata komai: kwalbar, makarantar, ajin.

"Aji? Ni wane aji na shiga na raine ka?"

"Ai ga sakamakon nan a tsugune, Inna."

Ba ta yi dariya ba. "Korarsa za su yi?"

"In bai canja ba. In kika bar masa ita yau, gobe ihun sai ya ninka. Don Allah ki karɓa."

Ta dubi jikan ta daɗe. "Maigida, ba ni kayata."

Da ta zare wayar, ƙarar da ta biyo baya ta sa ta ɗazu ta zama gaisuwa. Ya ja hannunta suka shiga kicin, su biyu a wurin mutum ɗaya. Bango ya sake amsawa. Inna ta dafa murfin tukunya.

"Sai yaushe?"

"Sai ya gaji."

"In mu muka riga shi fa?"

Ta leƙa, ya tare ƙofar da kafaɗa, ta dawo ta jingina da firij tana share ido da bakin mayafi.

"Ajin nan naku," ta ce da ƙarfi don ya ji, "hawa bene ake yi? Ka san gwiwata."