Motar Suruki Ta Ƙi Mutuwa

Shekara ashirin Dogo yana gyaran motocin fetur, kuma a shekara ashirin ɗin nan ba a taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba. Shi ya sa da surukinsa ya kawo a-kori-kurarsa mai shan dizal, ya ce tana zubar da shuɗin hayaƙi tana shanye baƙin mai, Dogo ya karɓi makulli da hannu biyu.

"Je ka huta, Baba. Kafin la'asar an gama."

Motar nan ita kaɗai tsohon ya mallaka, da ita yake dakon kaya yana ciyar da gidansa. Kuma ga garejin Mai Hayaƙi, makanikin dizal, katanga ce kawai tsakaninsu. Amma yaya Dogo zai tura surukinsa gun mutumin da kullum yake tsokana da cewa ko an wanke shi da buhun omo ba zai fita ba?

Ya ɗaga motar a jak ya cire tayoyin baya, wai ya duba birki kyauta don a yaba masa. Ya zare bututun iska, ya ga cikinsa jiƙe da baƙin mai, ya goge ya ajiye. Ya ƙara baƙin mai har ya haura alama, sannan ya tayar da injin ya taka totur.

Ya ɗaga ƙafa, injin bai sauka ba. Sai ma ƙara hawa yake yi, yana kururuwa, hayaƙi ya turnuƙe garejin. Dogo ya murɗa makulli ya zare, ga shi a hannunsa, injin na ci. Ya fizge wayar batir, ko gezau. Ya so ya sa giya ya danne birki, ya tuna tayoyin suna jingine da bango. Sai ya tsinci hannunsa yana lalube a kan injin yana neman wayar fulogi, alhali ya san babu ita. Tsoro ya kama shi sosai. Fuskar matarsa kawai yake gani, ranar da za a ce mata mijinta ya ƙone motar mahaifinta.

Ya kai tafin hannu zai toshe bakin iskar, aka make masa hannu.

"Ka gaji da yatsunka ne? Matsa!"

Mai Hayaƙi ne, riƙe da guntun katakon da yake zama a kai. Ya kifa shi a bakin iskar ya danne. Katakon ya manne, injin ya shaƙe, ya yi tari biyu ya yi shiru.

Dogo ya zauna a kan taya.

"Na zare makulli fa," ya ce a hankali.

"Makulli dizal yake yankewa, shi kuma ya daina shan dizal tun ɗazu. Turbo ɗinsa, mai hura masa iska, ke yoyo, kai kuma ka cika masa ciki, ya koma shan baƙin mansa. Naku na fetur tartsatsi yake jira, in ka hana shi sai ya mutu. Wannan ba ya jiran kowa. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta yi zafin da mai na shiga zai kama da kansa. Ba ka taɓa jin yadda famfon keke ke ɗumi ba?"

"To me ya hana su sa masa fulogi kowa ya huta?"

"Dizal mai nauyi ne, ba ya tashi ya gauraya da iska kamar fetur, tartsatsi ba ya yi masa komai. Kuma matsin nan shi ne ƙarfinsa, shi ya sa yake jan kaya da ɗan mai kaɗan. Naku in ka matse shi haka, kafin tartsatsin ya zo ya fashe."

Da injin ya huce, Mai Hayaƙi ya rage man, ya sa sifana ya juya injin da hannu. Ya juya sumul, yana turjewa a inda ya kamata. Ya kasa kunne, ya sake juyawa.

"Da ransa. Turbo za a canza, dama shi ne ciwon. Da an ƙara minti ɗaya, sai dai a auna shi a sikeli."

Dogo ya sauke numfashi, dariya ta kuɓuce masa, idonsa na kawo ruwa. Bai taɓa jin daɗin ganin baƙar fuskar nan kamar yau ba.

Da la'asar tsohon ya iso yana shinshina iska.

"An gano ciwon kuwa?"

"Mun gano, Baba," in ji Mai Hayaƙi, yana goge hannu.

Dogo ya dubi tafin hannunsa, ya motsa yatsunsa biyar. Ya ɗauki makullin ya miƙa wa maƙwabcinsa.

"Shi ya gano, Baba. Ni ban iya dizal ba."