Layi Na Biyar

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata, ba a taɓa ce min na ci haƙƙin kowa ba sai ranar da matar likita ta shigo ofishin Shugaba da takardar sakamakon 'yarta a hannu.

"Da me kika auna?" ta tambaye ni. "'Yata shida cikin goma, 'yarki tara. Da me kika auna, Malama?"

Na ce da ido. Wallahi abin da na ce ke nan, kuma gaskiya na faɗa. Jimnastik ai ba lissafi ba ne. Yarinya ta hau katifa ta yi jerinta, alkafura, tsalle, tsayuwa, juyi, ni kuwa na kalla na san wadda ta iya.

"Idon uwa," in ji ta, ta yi wata 'yar dariya.

Kai, ranar raina ya ɓaci. Shugaba ta sallame ta, ta rufe ƙofa, ta ce in zauna. Ta tuna min cewa saura wata guda kocin ƙungiyar wasanni ta gari ya aiko a ba shi yarinya ɗaya daga 'yan ajin ƙarshe, kamar kowace shekara, kuma wadda ta fi maki ake ba shi. 'Yata tana ajin ƙarshe. Mage ake ce mata, don tun tana rarrafe duk inda ta faɗo da ƙafa take sauka. Shekara uku ba ta da zance sai na gurbin nan.

"Ki rubuta ma'auni," Shugaba ta ce. "A manna a bango, kowace yarinya ta karanta ta gane kafin ta hau katifa. Malamar lissafi ta ba da maki tare da ke. In ba haka ba, ko 'yarki ta ci da guminta, cewa za a yi ke kika ba ta."

Na farko da na rubuta, daga tsohon littafinmu na kwaleji na kwaso. Shafi biyu cur. Ƙayatarwa, daidaito, sarrafa gaɓɓai, kyan tsari. Na manna a bangon zauren wasanni kusa da inda muke jingine katifu, 'yan mata suka taru suna kallo. Can 'yar tela ta ɗaga hannu. Yarinya ce mai sanyi, ba ta taɓa yin abin da ya ba ni mamaki ba, ba ta kuma taɓa ba ni ciwon kai ba.

"Malama, yaya zan san na ƙayatar?"

Ni kaina ban sani ba. Idon nawa ne dai na sake rubutawa da manyan kalmomi. Na yage takardar a gabansu.

Ranar Asabar da safe muka baje takardu a teburin ɗakin malamai, ni da malamar lissafi, Mage tana zaune a bakin taga tana jiran mu gama mu tafi gida. Malamar lissafi ƙawata ce, amma tana da naci kamar ƙuda. Duk abin da na kawo sai ta ce, "Ana gani? Ana ƙirgawa? In ba a gani, ba a ƙirgawa, cire." Haka ta yi ta yi min har muka rage layi huɗu, kowanne maki uku.

Na ɗaya, jeri ya cika: alkafura, tsalle, tsayuwa, juyi. Huɗun duka, maki uku. Uku, maki biyu. Ƙasa da haka, ɗaya. Na biyu, sauka daga tsalle: ƙafa a haɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, babu taku, uku. Taku ɗaya, biyu. Fiye da haka ko hannu ya taɓa katifa, ɗaya. Na uku, haɗi: daga wannan motsi zuwa wancan babu tsayawa tunani, uku. An tsaya sau ɗaya, biyu. Fiye, ɗaya.

Na huɗun ne ya ba mu wuya. Na rubuta "tsayuwa mai nutsuwa", malamar lissafi ta harare ni. Sai Mage ta yi magana daga taga.

"Mama, ku ce kawai kada ta motsa har daƙiƙa uku. Kuma da agogo, don ƙirgan baki wata sauri take yi in ƙawarta ce."

Muka kalli juna muka yi dariya. Da hannunta ta rubuta layin: daƙiƙa uku, maki uku, biyu, maki biyu, ƙasa da haka, ɗaya.

Da Mage ta fita sayo ruwa, malamar lissafi ta ja takardar gabanta ta buga biro a ƙasan shafin.

"Saura layi ɗaya. Wahala. Wadda ta tsaya da ƙafa ɗaya da wadda ta tsaya kan hannu ƙafa a sama, maki ɗaya za su samu? Ai ba daidai ba ne. Ki jera motsin gida uku, mai sauƙi, matsakaici, mai wuya. Yara za su gane, ba wani abu ba ne."

Ta yi gaskiya, kuma na san ta yi gaskiya. Ko a littafin da na yage, wahala gefe guda take, iyawa gefe guda. Amma a duk ajin yarinya ɗaya ce take tsayuwa kan hannu ba tare da bango ba. Sai na ga matar likita tsaye gaban bangon nan tana bin layi na biyar da yatsa, tana waccan dariyar.

"Ba na sawa," na ce.

"Haba ke kuwa."

"Na ce ba na sawa. A ce na ɗinka wa 'yata riga daidai jikinta? Allah ya kiyaye. Huɗun nan sun isa, kowa yana iya cinye su."

Ta ce to, takardata ce. Da Mage ta dawo da ruwan mun riga mun naɗe komai, ban kuma gaya mata an yi zancen ba.

Abin haushin shi ne takardar ta yi aiki. Mun gwada ta ranar Litinin da 'yan mata biyar, ni da malamar lissafi kowa ta ba da makinta a ɓoye, muka haɗa, huɗu suka zo daidai. Ɗayan mun saɓa a kan ko jan numfashi tsayawa ne, muka yanke cewa ba tsayawa ba ne, muka ƙara a rubuce. Yara suka riƙa auna junansu biyu-biyu. Waɗanda a da suke laɓewa bayan katifu sai ga su suna jayayya a kan taku ɗaya ne ko biyu. 'Yar tela kullum tana lungu da ƙafa ɗaya a sama, ƙawarta na riƙe mata agogo. Har Shugaba ta leƙo ta ce min sannu da ƙoƙari.

A gida kuwa ni da Mage muna ta fama. Tana da tsohuwar katifa a ɗakinta, bangon wajen duk ya yi baƙi da sawun ƙafarta tun lokacin da take koyo da jingina. In ta tsaya kan hannu sau goma, bakwai takan kai daƙiƙa uku. Na ce mata ta bar shi ranar gwaji, ta tsaya da ƙafa ɗaya ta kwashi makinta.

"Ni da tsayuwar zakara? Mama, shekara guda fa ina koyon wannan."

"Takarda ba ta san shekararki ba."

"Koci zai sani."

"Koci suna ɗaya za a aika masa, mai taurin kai kawai!"

Na yi faɗa, na yi lallashi. Ta ce ta ji. Na san irin "na ji" ɗinta, don nawa ta gado.

Ranar gwaji da hantsi aka jera kujeru a zauren. Shugaba ta zo, matar likita ma ta zo ba wanda ya gayyace ta, ta zauna ta ɗora jaka a cinya. 'Yarta ta sami tara cikin goma sha biyu, ta duba takardar bango ta duba tata, ta koma wajen zamanta.

'Yar tela ta hau. Alkafura ta gaba, ƙaramin tsalle, ta sauka ƙafa a haɗe kamar an dasa ta, ta ɗaga ƙafa ɗaya, agogo ya wuce uku, ta juya, ta gama. Babu abin tafi, babu abin ragewa. Na rubuta goma sha biyu, malamar lissafi ma haka.

Sai Mage. Ya Allah, yarinyar nan! Ta yi alkafura ta baya, ta tashi sama ta juya a iska ta sauka ko gezau ba ta yi ba. Ta kifa hannu a katifa, ƙafafu suka miƙe sama sak. Ɗaya. Biyu. Na ga yatsun hannunta na dama suna danna katifa, kafaɗar ta karkata, ƙafar ta sauko. Ta zarce cikin juyinta lafiya lau, kamar da ma haka ta tsara. Yara suka ɓarke da tafi har da ihu.

Malamar lissafi ta karkato min da agogon a hankali. Biyu da rabi. Kallona kawai take. Wata yarinya a baya ta ce, "Uku ne, wallahi uku ne!" sauran suka ɗauka. Da na rubuta uku, ina jin ko matar likita ba za ta yi magana ba. Amma layin da hannun Mage aka rubuta shi, yana nan a bango. Na rubuta biyu. Goma sha ɗaya.

Shugaba ta karanta sunan 'yar tela. Yarinyar ta rufe baki ta fashe da kuka, kuma ban ji haushinta ba, ta yi duk abin da aka ce a yi. Matar likita ta tare ni a ƙofa ta ce, "Gaskiya Malama, kin yi adalci." Na ji kamar in mare ta.

Ina haɗa katifu malamar lissafi ta zo taya ni. Ba ta iya barin lissafi ya kwana a cikinta ba. Ta ce da akwai layin wahala, Mage uku, 'yar tela ɗaya, sha huɗu da sha uku. Na ce ta rufe min baki. Da na waiwaya sai ga Mage a bayanmu, riƙe da ɗaya gefen katifar.

Da la'asar na sami Mage a ɗakinta ta jiƙa tsumma tana goge sawun ƙafar nan daga bango, katifar an naɗe an ɗaure da igiya. Na tsaya a bakin ƙofa na fara zuba, takarda ce, agogo ne, na gaya miki tun farko, ke ce ba kya jin magana.

"Na gane takardar," ta ce, ba ta juyo ba. "Kowa ya gane ta. Biyu da rabi ba uku ba ne, ni na rubuta."

Ta matse tsumman a bokiti, sannan ta dube ni. Idonta a bushe, gara ma a ce kuka take.

"Abu ɗaya zan tambaya. Da 'yar wani ce take tsayuwa kan hannu, da kin sa layi na biyar?"

Da na sa, har ga Allah da na sa, tun kafin malamar lissafi ta faɗa. Ta karanta amsar a fuskata, ta gyaɗa kai.

"To shi ke nan, Malama," ta ce, ta ci gaba da goge bangon.

Tun da na haife ta ba ta taɓa kirana haka a cikin gida ba.